Karatun Asuba a Zauren Malam Rilwanu

A Ƙofar Kibo idan ka nemi Nafi'u Jalo da sunansa, sai an tsaya an yi tunani. Ka ce Likita mai jan babur kuwa, nan take za a nuna maka lungun gidansu. Shi ba likita ba ne, ya faɗa ya faɗa har ya gaji ya haƙura. Jami'in lafiyar al'umma ne a ƙaramin asibitin unguwa, irin waɗanda ke duba marasa lafiya da safe, da rana su bi lungu lungu suna neman wanda ya daina zuwa karɓar magani. Amma mu a cikin birni duk wanda ya iya ɗaura wa mutum abin awon jini a dantse ya zama likita, ko ya so ko bai so ba.

Mahaifinsa maɗinkin manyan riguna ne, kakansa ma haka. Nafi'u ne dai hannunsa ya ƙi aikin, kullum zarensa a harɗe, har tsohon ya fidda rai ya bar shi da boko. Da ya gama sakandare ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, aka tura shi ƙauyuka ya sha ƙurar hanya, ya dawo ya ƙara karatu ya zama jami'i, daga baya kuma ya lallaɓa ya yi digiri yana aiki yana karatu, matarsa Zuwaira tana kora masa yara daga ɗaki duk ranar Asabar. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Tun da ya yi sauka yana yaro bai sake zama gaban malami ba, bai taɓa littafi ko ɗaya ba. A wani gari wannan ba komai ba ne. A Zariya kuwa, inda mai sayar da goro ma zai iya warware maka mas'alar gado, abin kunya ne, kuma yana jin kunyar.

A asibitin, shi aka damƙa wa sashen masu tarin tibi. Aikin ba wuya a baki: a karɓi kakin mai tari a kai awo, in an samu cutar a ɗora shi kan magani na wata shida, kyauta, kuma a samu wanda zai riƙa ganin ya haɗiye ƙwayoyin da idonsa, don mutane da sun ji sauƙi sai su watsar, ciwon ya dawo da taurin kai. Wuyar tana wajen mutane. Ɗakin masu tibin yana da bencinsa daban a bayan asibiti, kuma duk wanda aka gani a kan bencin nan, kafin ya isa gida an ware masa kwano da moɗa. Akwai wanda aka fasa auren 'yarsa saboda bencin.

Wata rana Inna Batulu, matar Malam Rilwanu na Ƙofar Jatau, ta aiko a kira shi. Malam Rilwanu tsoho ne da ya doshi tamanin, mai karantar da fiƙihu a zaurensa tun kafin a haifi Nafi'u. Ba shi da gona ba shi da shago. Abin dogaronsa ɗalibansa ne, da kuma mata da ke aiko da ruwa a kofi ya yi musu tofi idan yaro ya kasa barci ko haihuwa ta matso. Nafi'u ya same shi ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa, yana tari tun kafin azumi, gumi kuma yana jiƙa masa shimfiɗa. Ya karɓi kaki ya kai da kansa. Da sakamako ya fito ya koma ya durƙusa ya faɗa masa, ba kwana-kwana.

Malam ya dubi buzun da yake zaune a kai. Sannan ya ce, "Wa ya sani?"

"Allah gafarta Malam, ni da kai, sai mai awon. Shi ma bai san ka ba."

"Kuma sai na je asibitin kullum?"

"Ko dai ka je, ko wani ya zo ya ga ka sha. Haka ƙa'idar take."

"In aka ga babur ɗinka a ƙofar nan kowace safiya, ai ka yi shela ke nan." Ya yi tari, ya huta. "Zauren nan da asuba ba mai shigarsa sai mai littafi."

Nafi'u ya gane nufinsa. Washegari bayan sallar asuba ya bar babur a gida, ya ɗauko gafakar mahaifinsa da wani tsohon littafin fiƙihu a ciki, ya cusa jajayen ƙwayoyin a gefe, ya taka zuwa Ƙofar Jatau. Malam ya haɗiye su kafin ya karya, Nafi'u yana kallo. Ya yunƙura zai tashi ke nan, Malam ya ce, "Ina zuwa? Ai ba a buɗe littafi a gabana a rufe ba a biya ba. Karanta."

Haka aka fara. Nafi'u ya yi nasa aikin yadda ya kamata. Ya sa aka buɗe tagogin zauren, ya roƙi Malam ya dakatar da tofi ya kuma mayar da karatun jama'a waje ƙarƙashin darbejiya har maganin ya kama jiki, aka ce wa mutane muryar Malam ce ta dushe kuma zaure ya yi zafi. Ya auna mutanen gidan, ya shirya awon tari na unguwa baki ɗaya don ɗaliban su shiga ciki ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. Malam kuma ya yi nasa aikin. Ba ya karatun wasa. Nafi'u zai janyo Larabci yana tuntuɓe, Malam yana fassarawa kalma kalma, in ya yi kuskure ya ce, "Likita guda, wasali ya kayar da kai?" Gobe kuma sai ya biya na jiya kafin a ƙara masa. Mutum mai 'ya'ya huɗu ya koma yin tilawa a kan babur.

Da wata shida suka cika, awon ƙarshe ya fito ba komai, Nafi'u ya zo da murna ya ce, "Malam, an gama. Ka warke."

Malam ya ce, "Alhamdu lillahi. Gobe sai mu shiga babin azumi."

Nafi'u ya zo goben, ya zo jibi, aka ci gaba har shekaru suka shuɗe. Ciwon nan ba su sake ambatonsa ba ko sau ɗaya, ko su biyu kaɗai ne. Idan Zuwaira ta haihu, Malam ne ke raɗa suna. Idan an kawo wa Malam fura, sai ya sha ya miƙa wa Nafi'u ludayin. Nafi'u ya sha faɗa wa matarsa cewa a duk yininsa ba lokacin da yake jin shi mutum ne kamar wannan sa'ar ta asuba.

To, sai maganar digiri na biyu ta taso. Nafi'u ya haura arba'in, yana ganin yaran da ya koya wa riƙe sirinji suna dawowa da mastas suna zama a ofisoshin da ake tsara aikin da shi zai yi. Ba hassada yake ba, amma yana da abin faɗa game da tibi a cikin birni, kuma ya lura ba a sauraron mai babur a irin waɗannan tarurruka. Wata jami'a a kudu ta buɗe neman ɗalibai a fannin kiwon lafiyar al'umma, da tallafin karatu ga ma'aikatan ƙananan asibitoci. Zuwaira ta ce gemu ba ya hana ilimi. Ya tara abin da ake nema: sakamakon digiri, takardar yafe masa bautar ƙasa tunda ya wuce shekarun, wasiƙun shaida daga mutum biyu da suka san aikinsa, da alkawarin hutun karatu daga ma'aikata. Saura abu ɗaya, takardar bayanin manufa, wadda zai faɗi da bakinsa ko shi wane ne, me ya yi, me ya sa yake son wannan karatun, da abin da zai yi da shi in ya gama. An ƙayyade tsawonta, kada ta wuce kalma ɗari takwas.

Nan gizo ke saƙa. Mutumin da aka rena da cewa yabon kai jahilci ne, yau an ce ya zauna ya yabi kansa da Turanci. Ya rubuta ta farko ya kai wa Dakta Sakinatu a gidanta da ke Tukur-Tukur. Ita ce ta taɓa shugabantar shirin tibi a yankinsu kafin ta koma koyarwa, kuma tana cikin masu ba shi shaida. Mace ce mai kirki da kaifin harshe. Ta karanta ta ajiye gilashinta.

"Malam Nafi'u, wannan ai kowa ma zai iya sa hannu a ƙasanta. Tun ina yaro nake sha'awar taimakon al'umma. Mutum ɗari biyar za su rubuta haka, kwamitin kuwa a shafin farko suke gajiya. Ni na san ka. Ba ni abu ɗaya da ka yi da hannunka, wanda ya nuna maka matsalar da kake son ka bincika. Daga nan sai ka ce ga kwas ɗin da zai ba ka abin da ka rasa, ga abin da za ka dawo ka yi."

Tun tana magana ya san abin da zai rubuta. Ya faɗa mata a taƙaice, bai ambaci suna ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce labarin ya yi, sannan ta ɗaga yatsa. "Ka cire suna da unguwa. Kuma in akwai yadda za a gane shi, ka nemi izininsa tukuna. Ka san wannan, kai ke koya wa yara."

Ya sani kuwa. Kuma ya yi niyya, wannan ba a ɗauke masa ba. Ya je wurin Malam da maganar a bakinsa, aka yi karatu, aka shafa, ya buɗe baki sai ya ji kansa yana tambayar jikin Inna Batulu. Ya sake gwadawa wata safiyar, abin ya sake gagara. Don kafin ya nemi izini sai ya kira ciwon da sunansa, a zauren da aka yi shekaru ana taka-tsantsan da shi, a gaban mutumin da ya zama masa uba. Kunya ta hana shi. Daga nan sai zuciya ta fara kawo masa dalilai, ita kuwa ba ta rasa su. Ai ba suna. Ai can kudu za a karanta, mutum uku ko huɗu da ba su taɓa ganin ganuwa ba. Ai da Turanci ne. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni haushi, a ce ɗan birnin Zariya, inda kowane gida akwai malamin jami'a ko babban sakatare, ya ɗauka Turanci katanga ne.

Ya rubuta, kuma ta yi kyau. Ya ce akwai wani dattijon malami a tsohon birni, mai kimanin shekara tamanin, wanda ya ƙi zuwa asibiti don tsoron a guje shi. Ya ce shi kuma ya yi shigar ɗalibi, yana zuwa kowace asuba da magani a cikin gafaka, aka mayar da karatu ƙarƙashin bishiya, har mara lafiyan ya warke ba wanda ya sani. Daga nan ya gina hujjarsa: tsangwama tana korar masu tibi daga magani fiye da nisa ko tsada, yana son ya koyi ilimin bin diddigin cututtuka da hanyoyin bincike don ya auna girman abin a unguwannin cikin ganuwa, ya dawo ya tsara yadda za a riƙa kai magani ta hannun mutanen da shigarsu gida ba ta jawo tambaya. A ƙarshen labarin ya sa layi biyu, cewa bayan an gama magani ya ci gaba da karatun, har yau kuma dattijon malaminsa ne.

Da ya ƙirga, takardar ta zarce iyaka. Dakta Sakinatu ta bi ta da jan biro tana rage kitse. Ta zo kan layukan nan biyu ta ce, "Wannan yana da daɗi, amma ba ya ƙara wa hujjarka komai. Ko shi, ko bayanin binciken." Nafi'u ya duba, ya ga gaskiyarta a ma'aunin kwamiti. Ya cire da hannunsa. Ta tambaye shi ko ya yi magana da dattijon, ya ce ba matsala, ta ɗauka amsa ce.

Aka kira shi ganawa ta waya, rabin tambayoyin a kan labarin gafaka. Bayan 'yan watanni saƙo ya zo, an ɗauke shi, da tallafin. Zuwaira ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Ya kai wa Malam labari, Malam ya yi masa doguwar addu'a, ya ce in ya tafi kada ya bar muraja'a, in ya zo hutu su ɗora daga inda suka tsaya.

Da a nan abin ya tsaya, da watakila har yau ba wanda ya ji. Sai Umair, wani matashin abokin aikinsa da ke neman wata jami'ar, ya same shi a ofis ya ce, "Oga, don Allah turo min sitetment ɗin nan naka na bayanin manufa in ga yadda ake tsarawa. An ce kwamiti har yabawa suka yi." Nafi'u ya so ya hana. Amma a garin nan ba a roƙon mutum ilimi ya hana, rowar ilimi ta fi rowar abinci muni a idonmu. Kuma, a faɗi gaskiya, yabon ya yi masa daɗi. Ya tura, ya ce kada ya ba kowa. Umair bai yi da mugunta ba. Ya ga abu mai amfani, ya jefa shi a zauren wayar da ma'aikatan lafiya na birni ke ciki, ya rubuta cewa ga samfuri daga Oga Nafi'u, a yi koyi.

Magana zarar bunu ce. Ma'aikatan nan 'yan birni ne, iyayensu a birni suke. Dattijon malami, gafaka, karatun da aka taɓa mayarwa ƙarƙashin bishiya, ga kuma sunan Nafi'u a sama, mutumin da duk Ƙofar Jatau ta san inda yake zuwa da asuba. Ko makaho ya gane. Da Nafi'u ya gani ya kira Umair ya sa aka goge, amma an riga an sauke, an tura, an fassara wa iyaye mata a tsakar gida.

Ba wanda ya zo ya yi masa faɗa, ba haka ake yi a nan ba. Abin a hankali ya riƙa bayyana. Kofunan ruwa da ake jerawa a bakin zauren Malam suka ragu, sannan suka ɗauke. Masu zuwa karatun hantsi suka fara samun uzuri, waɗanda suka zo kuma suka riƙa zama nesa da buzun. Nafi'u ya bi wasu har gida yana rantse musu cewa wanda ya gama magani ya warke, ba ya sa wa kowa, shekaru nawa ma da warkewar. Suna cewa haka ne, Likita, Allah ya ƙara lafiya. Ya lura duk bayanin da ya yi ƙara tabbatar da zancen yake. A asibiti wani ɗan kasuwa da awonsa ya nuna cutar ya dube shi ya ce, cikin ladabi, ko akwai wani ma'aikacin da zai riƙa ba shi maganin. Zuwaira, wadda ba ta taɓa sanin dalilin fara karatun asubar ba sai da ta ji a gidan suna, ta ce masa, "Baban Hanan, shekaru ka ɓoye min ni da muke ɗaki ɗaya, na kuma ga girmanka da na ji. Sai ka ɗauka ka ba waya?"

Nafi'u ya daina zuwa karatu. Kullum zai farka ya yi salla ya zauna a bakin gado har gari ya waye. Ranar tafiya tana matsowa, ya san in ya tafi bai je ba, ba zai iya sake bin lungun nan ba har abada. Ana saura kwanaki kaɗan ya tafi, ya je bayan asuba, hannu rabbana.

Zauren ba kowa sai Malam a kan buzunsa yana jan carbi. Nafi'u ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, Malam ya tambayi Zuwaira da yara ɗaya bayan ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare Nafi'u ya ce, "Allah gafarta Malam, na zo neman gafara. Na ci amana."

Malam ya ce, "Jikana na wajen 'yata Rabi ya karanta min takardar. Na sa ya fassara min ita tun daga farko har ƙarshe, sannan na sa ya maimaita. Ka iya rubutu, Nafi'u. Kuma na saurara da kyau, ban ji ƙarya ko ɗaya ba."

"Ya kamata in nemi izininka."

"Ya kamata. Da ka nema ma watakila in ba ka, in dai zai hana wani tsohon mutuwa a ɗaka." Ya ajiye carbin. "Maganar mutane kada ta dame ka. Ciwo ba ni na saya ba, Allah ne ya ɗora min, shi ya ɗauke. Masu ruwa in sun ga dama su dawo, in ba su dawo ba wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Na tsufa da jin kunyar tari."

Nafi'u ya ji wani sanyi ya fara sauko masa, har ya ɗago kai. Malam bai gama ba.

"Wuri ɗaya ne na sa yaron ya tsaya. Inda ka ce ka yi shigar ɗalibi. Na ce ya duba da kyau ko shi ne bai iya fassara ba, ya ce haka ka rubuta. Na ce to ya karanta gaba, ko ka faɗi abin da ya biyo baya. Ya ce daga nan sai maganar bincike." Ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. "Ni ban san shiga ka yi ba. Tun ranar farko da ka buɗe littafi na ɗauke ka ɗalibi. Ina ta murna Allah ya kawo min ɗan Jalo maɗinki a ƙarshen rayuwata, ta hanyar ciwo. Har na faɗa wa Batulu kai za ka wanke ni."

"Malam, wallahi ɗalibinka ne ni. Na rubuta haka. Na rubuta cewa na ci gaba da karatu, cewa kai malamina ne har yau. Cirewa aka yi."

"Wa ya cire?"

Nafi'u ya so ya ce Dakta, amma a zauren nan ba zai iya ba. Ya ce, "Ni ne. An ƙayyade yawan kalmomi, takardar ta yi tsawo."

Malam ya gyaɗa kai a hankali, kamar yadda yake yi idan ɗalibi ya kawo amsar da ta dace. "To ai ka ga. Wuri ya yi kaɗan, ka zaɓi abin da ya fi muhimmanci ka bari. Kowa haka yake yi."

Hawaye suka zubo wa Nafi'u, mutum mai furfura a gemu, bai ko share ba. Ya ce in Malam ya ce ya fasa tafiyar, zai fasa.

"A'a. Ka je ka yi karatunka, mutane suna bukatarsa, ina kuma yi maka addu'a. Na yafe maka duniya da lahira, kada ka tafi da nauyi." Ya ɗauki carbinsa. "Sai dai zuwan asubar nan, ka huta haka nan. Aikin da ya kawo ka ya yi kyau, na warke."

Nafi'u ya jira ko za a ƙara wani abu. Malam ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce a gaida gida, shi kuma ya ce gida zai ji, ya ja da baya ya sa takalmansa.

Ya tafi kudu ya yi karatun, ya gama da sakamako mai kyau. Yana zango na biyu Malam Rilwanu ya rasu, ba da tari ba, tsufa ne kawai. Zuwaira ta kira shi da hantsi yana cikin aji. Ya fito ya tsaya a baranda, ya tambayi lokacin jana'iza, ko da ya san ko jirgi ya hau ba zai same ta ba. Sannan ya tambaye ta wanda ya yi wa Malam wanka. Ta ce wani maƙwabci ne, ba ta riƙe sunansa ba.